FAYYACEWA: Yadda ake sake gina layukan katanga a hoto bayan an goge jama'ar da ke gabanta

Ranar 5 ga Mayu, 1920, Vladimir Lenin ya hau wani dandamali na katako a gaban gidan wasan kwaikwayo na Bolshoi da ke birnin Mosko, ya yi wa sojoji jawabi. A hoton da aka ɗauka ranar, Leon Trotsky da Lev Kamenev suna kan matattakalar da ke gefen dandamalin. Bayan da Trotsky ya ɓata da Stalin, hoton ya ci gaba da fitowa a littattafan Tarayyar Sobiyet, amma babu mutanen nan biyu a ciki. Inda suke a da, katako ne kawai ake gani.

Wanda ya yi wannan gyara ayyuka biyu ya yi. Na farko, ya shafe mutanen. Na biyu, wanda ya fi wuya, ya zana abin da jikinsu ya tare, abin da kyamara ba ta taɓa gani ba. Har yau haka lamarin yake. Goge mutum daga hoto aikin daƙiƙa kaɗan ne a waya, amma mayar da katangar da ke bayansa, da sahun bulonta da gindinta da ginshiƙanta, shi ne inda ake gane gwani, kuma shi ne inda maƙaryaci ke barin sawu.

A ƙasar da ake musu kan yawan mutanen da suka halarci gangamin siyasa, ko tsawon layin masu zaɓe, ko girman zanga-zanga a ƙofar wata ma'aikata, ya kamata mai karatu ya san yadda ake wannan aiki, domin sai ka san yadda ake ɗinki kake gane inda aka yi faci. Saboda haka na gwada da kaina. Na tsayar da abokaina a gaban wata katangar bulo da ba a yi wa filasta ba a unguwarmu, na ɗauke su hoto da waya, sannan na zauna na cire su. Alƙaluman da ke tafe na daidaita su zuwa cikakkun lambobi domin lissafin ya yi sauƙin bi.

Katanga a ƙasa daban, a hoto daban

Magini yana ja igiya ne ya jera bulo, kowane sahu a kwance, kuma tazarar da ke tsakanin sahu da sahu ba ta canzawa daga farkon katanga zuwa ƙarshenta. Amma idan ka tsaya a gefe ka ɗauki hoton katangar a karkace, sahun ba sa fitowa haka. Ɓangaren da ke kusa da kai yana fitowa da tsayi, na nesa yana tsukewa, kamar yadda titin jirgin ƙasa ke yi wa ido kamar zai haɗe a can nesa. Idan aka ci gaba da jan layukan nan gaba da inda katangar ta ƙare, dukkansu za su haɗu a ɗigo ɗaya. Wannan ɗigo zan kira shi mahaɗa, kuma a kansa dukkan aikin ya dogara.

Katangar da na ɗauka sahu goma ce. A hoton, gefenta na kusa yana da tsayin fiksel 1,200, fiksel kuwa shi ne ɗan ɗigon launi da ake tara miliyoyinsa su zama hoto. Gefenta na nesa fiksel 600 ne, tsakanin gefen biyu kuma fiksel 3,000. Ke nan sahu ɗaya yana da tsayin fiksel 120 a kusa, 60 a nesa. Tunda tsayin ya ragu da rabi a cikin fiksel 3,000, ragowar rabin zai ƙare ne bayan wasu fiksel 3,000, can wajen hoton gaba ɗaya. Mahaɗar tana wurin da ba a gani, amma kowane layi na katangar ita yake nufa.

Na riƙe wayar a tsaye, daidai tsayin saman sahu na shida. Wannan layi shi kaɗai ya fito a kwance sak, domin mahaɗar layukan da ke kwance kullum tana daidai tsayin kyamara. Layukan da ke ƙasa da shi suna hawa, na sama da shi suna gangarowa. Gindin katangar ya hau da kusan digiri 7, samanta ya gangaro da kusan digiri 4 da rabi. Layuka goma sha ɗaya ke nan, kowanne da karkatarsa. Wanda bai san wannan ba zai ja layi ɗaya daidai, sauran goma su kauce.

Abokaina sun tare katangar daga fiksel na 1,000 zuwa na 2,400, kuma sun rufe sahu bakwai na ƙasa har da gindin. Abin da ya rage a fili shi ne sahu uku na sama da kuma gefe biyu.

Me ya sa maɓalli ɗaya ba ya isa

Abin da kowa ke fara gwadawa shi ne cikewar atomatik, irin wadda Photoshop ya shigo da ita a shekarar 2010 da sunan Content-Aware Fill. Manhajar tana duba sauran sassan hoton, ta tsinto ƙananan faci da suka yi kama da bakin ramin, ta jera su a ciki. A kan ciyawa ko yashi ko sararin sama tana yin kyau, domin ba wanda ya san inda kowace ƙwayar yashi ya kamata ta zauna. Katanga kuwa tana da doka. Manhajar launi da kamanni take dubawa, ba ta da labarin mahaɗa.

Da na gwada, sahu na huɗu ya shiga ramin daga hagu ya fito a dama yana haɗe da na biyar. Gindin katangar ya lanƙwashe kamar igiyar shanya, wani bulo kuma ya fito da tsawon biyu. Daga nesa hoton ya yi kyau, amma da na ƙara girmansa sai ɓarnar ta bayyana.

Matakin farko: a ja igiya kafin a ɗora bulo

Gwanin gyaran hoto yana farawa ne kamar magini. Kafin komai yana gyara lanƙwasar da gilashin kyamara ke jawowa, musamman gilashi mai ɗaukar fili da faɗi, wanda ke sa miƙaƙƙen layi da ke kusa da bakin hoto ya yi ciki kamar tulu. A Photoshop ana yin haka ta Filter > Lens Correction. Idan aka tsallake wannan, za a ja miƙaƙƙen layi a kan katangar da ta ɗan lanƙwashe, ba kuma za su taɓa dacewa ba.

Bayan nan sai a buɗe sabon shafi marar launi a saman hoton, wanda manhajar ke kira Layer, domin kada a taɓa hoton asali. A faɗaɗa filin aiki ta Image > Canvas Size har mahaɗar ta samu wurin zama. Sai a ja siririn jan layi a kan saman katangar, a ja wani a kan sahu na uku daga sama, tunda duka biyun suna fili daga farko har ƙarshe. Inda suka haɗu a sa alama. Daga wannan alama a ja layi zuwa bakin kowane sahu a gefen kusa. Idan lissafin ya yi, kowane layi zai ratsa ta kan mutanen ya faɗa daidai kan sahunsa a ɗaya gefen. Wannan shi ne gwajin farko, kuma idan bai ci ba, ba a wuce shi.

Dalilin wannan taka-tsantsan a lissafi yake. Kuskuren digiri ɗaya kacal, a ramin da faɗinsa ya kai fiksel 1,400, yana zama kaucewar kusan fiksel 24 a ɗaya bakin. A wurin tsayin sahu 72 ne, wato layin ya kauce da sulusin bulo. Ido yana kama irin wannan ko da mutum bai iya faɗin abin da ya dame shi ba.

Mataki na biyu: bulo yana ƙanƙancewa ta fuska biyu

Kayan aikin da aka fi sani shi ne Clone Stamp, wanda ke kwafo wani sashe na hoton ya shafa shi a wani wuri. Ana danna Alt a kan wurin da za a ɗebo, sannan a shafa inda ake so. Ƙa'idar masu aikin ita ce a ɗebo daga kan layi, a sauke a kan layi, kuma a fara da layukan kafin cikin bulo. Idan aka danna sau ɗaya, aka riƙe Shift aka sake dannawa a gaba, shafin yana tafiya a miƙe tsakanin wuraren biyu.

Matsalar ita ce wannan kayan aiki girman da ya ɗebo shi yake saukewa. A bakin ramin na hagu tsayin sahu fiksel 100 ne, a bakin dama 72. Duk wanda ya kwafo bulo daga hagu ya kai shi dama ya ƙara fiksel 28 a kowane sahu. A sahu bakwai ƙarin ya kusa kai 200, kusan sahu uku ke nan da babu wurinsu. Ana iya rage girman kwafin a akwatin Clone Source, amma a nan akwai tarkon da da yawa ke faɗawa. Faɗin bulo yana raguwa fiye da tsayinsa. Inda tsayi ya koma kashi 72 cikin 100, faɗi yana komawa kusan kashi 52 ne, domin ana ninka ragin tsayin da kansa. Wanda ya rage duka biyun daidai wa daida zai samu layukan kwance sun dace, amma bulon nesa sun fito da faɗin da bai kamace su ba.

Wannan ya kai mu ga ginshiƙi. Katangar tawa tana da ginshiƙi a tsakiyarta, kuma abokaina sun tare ƙasansa. A ce sun tare shi duka, ina za a mayar da shi? Hankali zai ce a fiksel na 1,500, rabin 3,000. Kuskure ne. Hanyar da masu zane suka daɗe da sani ita ce a ja layi daga kusurwar sama ta hagu zuwa ta ƙasa ta dama, a ja wani daga ta ƙasa ta hagu zuwa ta sama ta dama. Inda suka gitta juna nan ce tsakiyar katangar ta gaskiya. A hotona sun gitta a fiksel na 2,000, daidai inda kan ginshiƙin ya leƙo. Rabin katanga na kusa ya cinye kashi biyu cikin uku na faɗin, na nesa ya samu kashi ɗaya.

Domin kauce wa wannan lissafi da hannu, Photoshop yana da Filter > Vanishing Point, manhajar GIMP da ake samu kyauta kuma tana da Perspective Clone. A duka biyun za ka nuna wa manhajar kusurwoyi huɗu na wani abu da ka tabbata murabba'i ne ko mai kusurwa huɗu daidai a zahiri, kamar fuskar katangar ko taga. Daga nan duk abin da ka kwafo zai riƙa ƙanƙancewa da karkata gwargwadon nisan inda ka kai shi. Da wannan na cike ramin. Sai dai kayan aikin yana bin kusurwoyin da ka ba shi ne, in ka ba shi karkatattu, karkatacciyar katanga zai gina maka. Haka kuma ƙasar da ke gaban katangar tana buƙatar nata shimfiɗar daban.

Mataki na uku: abin da layi ba ya gyarawa

Ko da layuka sun dace, akwai sauran aiki. Magini ba ya ɗora gaɓar bulo a kan gaɓa, yana gocar da kowane sahu da rabin bulo domin ginin ya riƙe juna. Dole kwafin ya kiyaye wannan tsari. Bayan haka akwai maimaici: gefen da na ɗebo daga ciki yana da bulo ɗaya mai tsagewa a kusurwa, sai ga tsagewar nan ta fito sau uku a jere. Sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya na shafe.

Gindin katanga ya fi ko'ina wahala. A nan siminti ke haɗuwa da ƙasa, da datti, da tabon ruwan damina, da inuwa. Layin gindin miƙaƙƙe ne, amma ƙasar da ta taru a jikinsa ba ta miƙe ba. In aka ja shi tsaf kamar da rula, ya zama na bogi, in aka bar shi ya yi yawo, ya saɓa wa mahaɗa. Ga kuma inuwar mutanen, wadda ta kwanta a ƙasa ta hau jikin katangar. Wanda ya cire mutum ya bar inuwarsa ya tona wa kansa asiri. Daga ƙarshe akwai ɗan ƙurji-ƙurjin da kowace kyamara ke bari a hoto. Yawan shafa da goga mai laushi yana narkar da shi, wurin da aka gyara ya yi sumul fiye da kewayensa.

Akwai wata hanya da ba ta buƙatar ƙirƙirar bulo ko ɗaya, wadda masu ɗaukar hoton gine-gine ke bi. Ana kafa kyamara a kan madogara mai ƙafa uku, a ɗauki hotuna da yawa a tazarar lokaci, a shigar da su ta File > Scripts > Statistics, a zaɓi Median. Manhajar za ta ɗauki launin da ya faɗo tsakiya a kowane ɗigo. In hotuna 15 ne, kuma katangar ta fito fili a aƙalla 8 a kowane wuri, masu wucewa za su ɓace, layuka kuma su fito daidai domin na gaske ne. Iyakarta ita ce mai zama wuri ɗaya, kamar mai shayi da teburinsa, ba zai ɓace ba. Cincirindon da ya cika wuri tsawon lokacin ɗaukar shi ma ba zai ɓace ba.

Yadda mai karatu zai bincika

Duk abin da mai gyara ya sha wahala a kansa, nan mai bincike zai duba. Idan hoto ya zo maka ana cewa ga ƙofar ma'aikata fayau babu kowa, alhali wasu na cewa an yi zanga-zanga, fara da neman mafi girman kwafinsa. Sannan ka ɗora miƙaƙƙun layuka a kan saman katanga, da ƙasan tagogi, da gefen kwata, ka ga ko duk suna nufar ɗigo ɗaya. Layin da ya bi sahu a hagu da dama amma ya rabu da shi a tsakiya abin tambaya ne.

Ƙirga sahun bulo a gefe biyu na wurin da kake zargi, ka ga ko adadin ɗaya ne. Duba ko tazarar ginshiƙai ko tagogi tana raguwa a hankali yayin da suke nisa, domin tazarar da ta tsaya daidai a katangar da aka ɗauka a karkace ba ta yiwuwa. Nemi tabo ko tsagewar da ta maimaita kanta, da inuwar da ba ta da mai ita. Shafin Forensically yana da Clone Detection da ke nuna sassan hoto masu kama da juna, amma a katangar bulo yana yawan ƙararrawar banza, tunda bulo dama kama suke da juna. Sannan ka saka hoton a Google Lens ko TinEye, domin hujjar da ta fi kowace ƙarfi ita ce samun hoton asali, ko wani hoton wurin da wani ya ɗauka a lokacin.

A nan dole a yi hattara. Karkataccen layi ba hukunci ba ne. Katangu da yawa a karkace aka gina su, wasu sun nitse bayan damina, katangar ƙasa irin ta tsofaffin unguwanninmu kuwa ba a taɓa yin ta da miƙaƙƙen layi ba. Hoton da waya ta ɗinka daga ɗauka da yawa domin ya yi faɗi yakan karya layi da kansa. WhatsApp kuma yana matse hoto har ƙurji-ƙurjin da ƙananan tabo su ɓace. Alama ɗaya dalili ce ta ci gaba da bincike. Sai alamu da yawa sun taru a wuri ɗaya, daidai inda mutum zai iya tsayawa, sannan zargi ke yin nauyi. Haka nan rashin alama ba ya wanke hoto, domin gwanin da ya bi matakan nan da haƙuri zai iya wuce ido.

Inda aka ja layi a aikin jarida

Mai zanen gini da ke son nuna aikinsa, ko mai sayar da gida, ko ango da ke son a cire masu wucewa daga hoton ɗaurin aure, ba su yi laifi ba in sun yi wannan gyara. A hoton labari kuwa haramun ne. A watan Janairun 2014 kamfanin dillancin labarai na AP ya raba gari da Narciso Contreras, mai ɗaukar hoto ɗan ƙasar Meziko da ke cikin tawagar da ta ci kyautar Pulitzer a 2013, saboda ya goge kyamarar bidiyon abokin aikinsa daga kusurwar wani hoto da ya ɗauka a Siriya. Kyamara ce kawai, ba ta canza labarin ba, amma hakan bai cece shi ba. In an kori mutum kan kyamara ɗaya, ba sai an faɗi hukuncin goge jama'a ba.

Hoton da na gyara ya ɗauke ni yammaci guda, kuma waɗanda na nuna wa a waya ba su ga komai ba. Da na koma gaban katangar da hoton a hannu, sai na tarar a sahu na biyu daga ƙasa akwai bututun ruwa da ya leƙo, daidai inda ɗaya daga cikin abokaina ya tsaya. A hotona babu shi, domin ban san da shi ba lokacin da nake cike ramin. Duk layukan sun nufi mahaɗa yadda ya kamata, amma katangar da na gina ba ita ce ta unguwarmu ba. Shi ya sa, idan wurin da ake musu a kansa yana kusa, matakin ƙarshe na bincike shi ne mutum ya taka ya je ya gwada hoton da ginin.